Wuyan Tulun da Ya Faɗo Gidan Tartsatsi

Mangwaro guda ne ya tona mini asiri a shagon taubashina. Na je karɓar ƙofar da ya yi mini walda, ina zaune a kan benci ina zuba masa labarin yadda ni ban san tsoro ba tun ina goye, sai wani nunanne ya saki reshe ya daki kwanon rufi. Ban san lokacin da na isa ƙarƙashin bencin ba. Wandona ya yage daga ƙugu har gwiwa, aka kuma ji wata ƙara ta biyu wadda nan take na ɗora wa wandon alhakinta.

Taubashin nawa bai yi dariya ba. Ya kashe inji, ya ɗaga gilashin walda, ya karkata kunne wajen ƙofar cikin gida. Sai da ya jiyo tarin matarsa, ɗan siriri kamar na mage, sannan ya sauke numfashi. Wanda bai san abin da ya faɗo wa gidan nan ba, cewa zai yi mutumin ba ya gane abin dariya.

Tartsatsi ake ce masa tun yana koyon aiki, don shi da ido yake karanta ƙarfe. Ya ɗan goga masa inji, ya dubi wutar da ke tashi, ya gaya maka wannan na kirki ne, wancan kuwa ko kejin kaji ba zai riƙe ba. Ubansa gyaran keke yake yi, bai bar masa kome ba sai guduma da taka-tsantsan. Mutum ne da ba ya tsallake kwata sai ya duba zurfinta. Shagonsa a gaban gida yake, tsakar gida a baya, kicin a kusurwa kusa da bishiyar mangwaro.

Matarsa, Uwar Biyu, ɗinki take yi. A wancan lokacin muryarta ce agogon layin. Injin yanka yana kuka, ita tana daga ɗaki a kan keken ɗinki, amma in ta kira shi cin abinci har mai shagon ƙarshen layi sai ya wanke hannu. Tagwayensu mata suna makarantar kwana. Rayuwa ce ta rufin asiri, ba a tara ba, ba a roƙa ba.

Da hantsi abin ya zo. Tartsatsi yana durƙushe kan wata taga, ya ji wani fito daga sama kamar ana yaga sabon yadi, sannan ƙasa ta motsa a ƙarƙashin gwiwarsa. Da ya ruga ciki, babu kicin. Rufin ya burma, bango ya kwanta, a tsakiyar ɓaraguzan kuwa ga wani abu baƙi ƙirin, kamar babban tulu, yana hayaƙi. Yana da ɗan wuya na bututu, da zobe a bakin wuyan, an buga wasu lambobi a jikin zoben. Uwar Biyu tana tsaye da bokiti a hannu. Ta riga ta watsa masa ruwa don kada gobara ta tashi, tururi ya rufe ta, idanunta suna zubar da ruwa, tana dariyar nan ta wanda ya tsallake rijiya da baya.

Kafin a ce me, layin ya cika. Tartsatsi ya kori mutane ya rufe ƙofa, amma akwai wanda ba ya koruwa: Sikeli, dillalin tsohon ƙarfe, mutumin da ko gawa ya gani sai ya ƙiyasta nauyinta. Sikeli ya zaga tulun, ya ƙwanƙwasa shi da makulli, ya ce guntun roka ne, irin waɗanda ke kai tauraron ɗan'adam sama. Ya ce shi da kunnensa ya ji a rediyo cewa dokar duniya ta hana kowace ƙasa mallakar sama. To abin da ba shi da mai shi, ɗansa ma ba shi da mai shi. Wannan tsintuwa ce Allah ya jefo masa har gida. Gobe hukuma za ta zo ta kwashe, ta bar shi da kicin a kwance. Ya yanko ko wuyan ne, su ga wane irin ƙarfe ne.

Tartsatsi ya sake duban tulun. Maganar ta zauna masa, ga kicin a ƙasa, ga kuma ƙaiƙayin sana'a, don bai taɓa ganin ƙarfen da ya ci wuta haka bai narke ba. Ya ɗaura tsumma a hanci, ya jona inji.

Tartsatsin da ya tashi fari ne fat, mai kashe ido, irin wanda bai taɓa gani ba. Wuyan yana faɗuwa ya ji wani huci daga cikin tulun, da wari kamar na tsohon fitsari, mai hawa kai. Sikeli ya tuna yana da uzuri a kasuwa. Da Tartsatsi ya juya, ga Uwar Biyu a bayansa, daidai inda iska ke kaɗawa, tana tsince tukwanenta daga cikin ɓaraguzai.

Jikinsa ya ba shi ya yi ɓarna. Ya naɗe wuyan a tsumma, ya zura shi cikin bututun ƙafar bencin shago, ya toshe da walda, ya shafa baƙin mai a wurin. Kafin la'asar Uwar Biyu tana jan numfashi kamar mai shan ruwa ta tsinken ciyawa.

Washegari mutanen hukuma suka zo cikin fararen kaya har fuska, suka ɗauke tulun, suka kankare ƙasar tsakar gida suka zuba a durom. Da suka tambaya ko wani ya taɓa abin, Tartsatsi ya ce jama'a sun yi yawa, shi bai lura ba.

A asibiti aka sa mata bututu a hanci. Likita ya ce gubar man roka ce ta ƙona mata huhu, abin da suke da shi zai riƙe ta na ɗan lokaci, amma gyaran gaske sai a wata cibiya a ƙasar waje, wurin da ko an sayar da shago da gida da mangwaron ba za a kai ƙofarsa ba. Tartsatsi ya koma zaman barandar asibiti. Duk ƙofar da aka buga sai ya zabura, duk mai kaki da ya gifta sai ya ga shi aka zo ɗauka.

A barandar ce wata Lauya ta same shi. Daga Ma'aikatar Harkokin Waje take, sashen yarjejeniyoyi, mace mai furfura a goshi da takalmi mara tsini. Ta ce shekara da shekaru abokan aikinta suna kiranta lauyar duniyar wata, don ba a taɓa kawo mata ko tsakuwa daga sama ba sai yanzu. Ta gayyace shi ofishinta, wani ɗan ɗaki a ƙarshen bene, fanka tana juyi tana ɗaga kusurwar takardu.

Ya tambaye ta wa zai kai ƙara. Ta ce yana iya tafiya kotun masu abin a can ƙasarsu in yana da ƙafar zuwa, amma hanyar da yarjejeniya ta shimfiɗa ta ƙasa da ƙasa ce. Ƙasarsa ce za ta nema masa diyya ta hannun jakadu. Ƙasar da ta harba abin ita ke biya, ko da kamfani ne a cikinta ya yi aikin. Kuma in ɓarnar a doron ƙasa ta auku, ba a tambayar ko sun yi kuskure ko ba su yi ba. Naka ne, ya faɗo, ya yi ɓarna, ka biya.

Tartsatsi ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Sai ta ɗora da cewa saura abu guda: a nuna na wane ne. Masu bin sawun irin waɗannan abubuwa sun ce ragowar rokoki biyu ne suka ratsa ta samansu a wannan tsakanin, na ƙasashe biyu daban. An rubuta wa duka biyun, kowacce ta amsa cikin ladabi cewa tana jajantawa, amma ba ta ga shaidar nata ba ne. Jikin tulun ya ƙone, babu rubutu. Injiniyoyi sun ce a zoben wuya ake buga lamba, wuyan kuwa babu shi, kuma ba iska ce ta cire shi ba, don iska ba ta yanka a miƙe.

Ta faɗi haka tana duban hannayensa, masu tabon wuta. Ya mayar da su ƙarƙashin tebur.

Ya yi gyaran murya, ya ce shi tambaya kawai yake yi, irin ta jahili. A ce wani bawan Allah ya yanki abin, ai ba sata ya yi ba, tunda an ce sama ba ta kowa ba ce.

"Rabin karatu aka ba ka, malam," in ji Lauya. "Sama ba ta kowa ba ce, gaskiya ne. Ko ƙasa ta kafa tuta a wata, ko ta zauna a can shekara ɗari, bai zama nata ba. Amma titi ma ba naka ba ne, motar da ke kansa kuwa tana da mai ita. Abin da aka harba yana nan na mai shi, yana sama ko ya faɗo cikin kicin ɗinka. In sun nema, mayar musu za mu yi."

Ya tambaya, to wanda ya yanka fa?

Ta ce ba za ta ɓoye masa ba. Ƙofa ɗaya yarjejeniya ta bar wa masu abin: in suka tabbatar cewa mugun sakaci na mutumin da ake nema wa diyya ne ya jawo cutar, ko da gangan ya yi, to ana sauke musu nauyi gwargwadon haka. Lauyoyinsu kuwa ba barci suke yi ba. Game da lokaci, ta ce ana da shekara guda daga ranar da aka gane mai abin, saboda haka takarda tana iya jira. Ƙirjin matarsa ne ba ta sani ba ko zai iya.

Ya sauko daga benen yana auna maganar. In ya bar wuyan a ƙafar benci, babu mai shi, babu diyya, babu cibiya. In ya fito da shi, ya miƙa wa mutanen wuƙar da za su ce shi ya yanka matarsa da ita. Abin da ya fi cin ransa kuma, wataƙila gaskiya za su faɗa.

Kwanakin da suka biyo baya bai iya aiki ba. Ya kunna inji, ya ga farin tartsatsi a idonsa, ya kashe. Masu kawo aiki suna zama a kan bencin suna karkaɗa ƙafa, shi yana jin kamar ƙafar bencin za ta yi magana. Sikeli kuwa ya daina bin layin gaba ɗaya. Tagwaye suka zo daga makaranta, suka tsaya a bakin gadon uwarsu, ƙaramar ta tambaye shi, Baba, me ya sa ita kaɗai abin ya kama? Ya ce Allah ne ya ƙaddara, ya fita waje ya daɗe.

Wata rana da azahar, bayan an rage mata bututu, Uwar Biyu ta yafito shi da yatsa. Sai da ya kai kunne bakinta sannan ya ji. Matar da ke kiran layi guda cin abinci.

"Ina wuyan?"

Ya ce wane wuya. Ta dube shi irin duban da take yi wa mai kawo ɗinki in ya ce yadinsa ya fi haka tsawo. Ya sunkuyar da kai. Ya ce in ya kai musu, za su ce shi ya kashe ta.

"Ban mutu ba tukuna," ta ce. Ta huta, ta tara numfashi. "Na fara tari tun kafin ka jona inji. Tun da na watsa ruwa. Kai musu."

Ya zauna yana laluben ranar a kansa. Ya tuna bokitin, ya tuna idanunta suna ruwa, ya tuna dariyar. Tarin ne ya kasa tunawa. Ko ta yi shi da gaske, ko yanzu ta ɗinka masa shi daidai jikinsa don ya iya tashi, bai sani ba, bai kuma yi ƙarfin halin sake tambaya ba.

Da safe ya kifar da bencin ya yanke ƙafarsa. Ya sa wuyan a jaka tare da riga ɗaya da buroshi, don a ganinsa daga ma'aikatar sai gidan yari. Ya bar wa maƙwabci makullin shago, ya ce in bai dawo ba a kula da tagwaye. A bakin ƙofar ma'aikatar na'urar bincike ta yi ƙara a kan jakar, ya ce wa mai gadi wajen Lauya zai kai abin.

Lauya ta buɗe tsumman da bakin biro, ta ga lambobin. Ba ta ce ai na sani ba. Ta kira injiniyoyi su zo da akwatinsu, sannan ta ce ya faɗa mata kome, daga fiton da ya ji har zuwa waldar ƙafar benci, kada ya rage ko ƙwaya. Ta ce gara su faɗa da bakinsu da a tono. Da ya gama ya miƙe tsaye yana jiran a zo a tafi da shi. Ta dubi buroshin da ke leƙowa daga jakar, ta ce ya koma asibiti, ita ba ta da ɗakin ajiye mutane.

Lambar ta yi magana. Ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ta duba takardun masu ƙera mata, ta amsa cewa tulun tankin man rokarta ne, na wani kamfani da ta ba izini. Ta nemi a mayar mata da shi har da wuyan, ta ɗauki nauyin kuɗin kwashewa da na jigila. Sannan, kamar yadda Lauya ta faɗa, lauyoyinta suka sa yatsa a kan yankan. Suka ce tankin ya sauka a rufe, mutuminku ne ya buɗe shi.

Nan aka shiga ja-in-ja, Tartsatsi yana bin Lauya da ido duk lokacin da ta zo asibiti, yana karanta fuskarta kamar yadda yake karanta ƙarfe. Ta ce masu tankin ne za su tabbatar da sakacin, ba shi ba. Injiniyoyi sun samu tsaga a gindin tankin, inda ya daki bango, wadda ke nuna yana iya yiwuwa ya fara tsiyaya tun saukarsa. Ga maganar Uwar Biyu. Ga kuma cewa babu wanda ya taɓa gargaɗin mai walda cewa tulu daga sama yana ɗauke da guba, rashin sani kuwa daban, mugun sakaci daban. Su kuma suka ce wane mai walda ne ke sa wuta a tankin da bai san cikinsa ba? Da Lauya ta kawo masa wannan, ya ga gaskiyarsu, don shi kansa ya sha korar masu koyo a kan haka.

Ya tambaye ta in an kasa daidaitawa fa. Ta ce in shekara ta cika ba a daidaita ba, sai a kafa kwamitin mutum uku, su ma abin da suka yanke shawara ce, sai in ƙasashen biyu sun amince tun farko ya zama dole. Ya dubi ƙofar ɗakin matarsa, ya lissafa shekara da numfashinta, lissafin bai fita ba.

Ba a kai ga kwamiti ba. Masu tankin ba su so a yi ta jan sunansu, aka daidaita. Suka ɗauki nauyin jinya da ginin kicin, suka zaftare wani abu saboda yankan, takardar kuma ba ta ce laifin wane ne ba. Diyyar ta shiga hannun gwamnati, don ita ta nema, Lauya ta yi ta hawa da sauka a benaye har ta fito. Aka ɗauki Uwar Biyu a jirgi. Tartsatsi ya zauna kusa da ita, bai leƙa taga ko sau ɗaya ba.

Ta dawo da ƙafarta. Tana ɗinki, tana cin abinci, tana harara. Muryar ce ba ta dawo ba. Yanzu in abinci ya sauka, cokali take bugawa a jikin kwano, shi kuma ya koyi jin cokalin ta cikin kukan inji. Ya yi wa ɗakin kwanansu rufin ƙarfe a ƙarƙashin kwano, ko da yake injiniya ya gaya masa abin da ya rushe bango ba zai ji kunyar wannan ba. In jirgi ya wuce sai ya tsaya da aiki har ƙarar ta ɓace. Bai ƙara tambayarta zancen tarin ba, ita ma ba ta ƙara tayarwa ba. Wani lokaci in tana tari a ɗaki, sai ka ga yana duban hannunsa na dama.

Bencin kuwa ya mayar masa da ƙafa, ga tabon waldar nan. Na gan shi da kyau ranar mangwaron, tunda hancina a jikinsa yake.

Da na fito ina riƙe da wando, na ga shirun ya yi yawa, na ce bari in taɓa shi. Na ce taubashi, kai da ka san hanya, ga abu ya faɗo daga sama a shagonka ya yi mini ɓarna. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, ni dai a gaya mini wace ƙasa ce za ta biya ni wandona.

Ya sauke gilashin walda a fuskarsa, ya ɗauki inji.

"Doka ta ce wanda ya harba shi ke biya," ya ce. "Ƙarar da na ji a ƙarƙashin bencin nan kuwa ba daga sama ta zo ba. Ka biya ni iskar shagona, sannan mu yi maganar wando."